Ashana, allura, ƙwaya ko roba: wanne zai karɓi mai goyo da hawan jini?

*Salamu alaikum Anti. Shekarata 31, ina zaune a Kurna, haihuwata huɗu, biyu daga ciki kwanika na yi. Jaririyata watanta biyar, ina ba ta nono amma na fara haɗa mata da ruwa da ɗan kunu, kuma har yanzu ban ga al'ada ba. A cikinta na samu hawan jini, makon jiya da na je rigakafi aka auna aka ce 150/95. Dama can al'adata kwana bakwai take yi da yawa, kuma a haihuwar nan sai da aka ƙara mini jini leda biyu. Ni da maigida mun yarda in huta shekara uku kafin in ƙara. Maƙwabciyata ta ce in yi allura, yayata ta ce ƙwaya ta fi, ashana kuwa an ce tana ɓata a jiki kuma tana hana mutum salla saboda jini. Robar mahaifa tsoronta nake ji. Wanne zan yi?*

*Ƙanwarki daga Kurna*

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya raya mana 'yar jaririya, Ya ƙara miki lafiya.

Amsar a taƙaice ita ce ashana, wato ɗan tsinken tazarar haihuwa da ake sakawa a ƙarƙashin fatar damtse, ta shekara uku. Amma ba na son ki ɗauki wannan ki tafi don Anti ce ta faɗa, kamar yadda ba na son ki yi allura don maƙwabciya ta faɗa. Maƙwabciyarki da yayarki ba ƙarya suka yi miki ba, kowacce abin da ya karɓe ta ta ba ki labari. Sai dai jikinsu daban, naki daban. A ɗakin tazarar haihuwa abu uku muke fara dubawa kafin mu buɗe kowane kwali: awon jinin mace, yanayin al'adarta, da lokacin da take son sake ɗaukar ciki. Duka ukun kin ba ni amsarsu, don haka bari mu bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya ki ga da kanki yadda suke zubewa.

Kafin nan, kada rashin ganin al'ada ya ruɗe ki. Shayarwa tana hana ciki ne idan abu uku sun haɗu: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ranar da ruwa da kunu suka shiga, sharaɗi ɗaya ya faɗi, wata mai zuwa kuma na biyu zai bi shi. Mace tana iya sakin ƙwai kimanin mako biyu kafin jinin farko ya zo, shi ya sa ake samun mai goyo da ciki wata uku alhali ba ta ga ko ɗigo ba tun wankan jego. Ke da kika yi kwanika sau biyu ba sai an ba ki labarin wannan ba. Saboda haka maganar nan ta wannan makon ce, kada ki bari sai bayan yaye.

Mu fara da ƙwayar yayarki. Ƙwayar tazara iri biyu ce, kuma yawancin mata ba su san haka ba, mai kemis ma ba kullum yake tambaya ba. Wadda aka fi sani ita ce mai sinadari biyu, istirojin da furojestin, wadda katinta yake da ƙwaya 28: guda 21 masu aiki, guda 7 masu launin ƙasa-ƙasa waɗanda galibi maganin ƙarin jini ne kawai. Wannan ƙwaya tana da daɗin sha'ani ga wadda ta dace da ita. Al'ada tana zuwa a kan lokaci, jinin ya ragu, ciwon mara ya yi sauƙi, kuma ranar da aka daina sha ciki zai iya shiga ba tare da jira ba. Ga mace mai ƙananan shekaru, mai lafiyayyen awon jini, wadda ba ta da mantuwa kuma take son hutun shekara ɗaya kawai, ba ni da abin cewa.

Ke kam ba taki ba ce, kuma a nan ba na sassauta murya. Istirojin yana ƙara hawan jini, yana kuma sa jini saurin daskarewa a jijiya. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke aiki da ita a asibitocinmu, ta ce daga 140/90 zuwa sama a kauce wa wannan ƙwaya, daga 160/100 kuwa ba a ba da ita ko kaɗan, saboda haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ga shi kuma tana iya rage ruwan nono, don haka ba a son mai goyon da bai kai wata shida ba ta sha. Haka nan mai ciwon ɓarin kai irin wanda kafin ya sauko take ganin walƙiya ko gizo-gizo a ido, da wadda ta taɓa samun daskarewar jini a ƙafa, duk ba sa shan ta. Idan yayarki ta miƙo miki katinta ta ce ki gwada, ki yi mata godiya ki mayar.

Iri na biyu ita ce ƙwayar masu shayarwa, mai furojestin kaɗai. Ita ba ruwanta da nono, kuma awon jininki bai hana ki shan ta ba. Matsalarta agogo. Kullum ake sha, ba hutu tsakanin kati da kati, kuma a lokaci guda. Irin wadda aka fi bayarwa a nan, idan kika makara da fiye da awa uku, to sai an yi kwana biyu ana kiyayewa kafin ta koma aiki sosai. Yanzu ki duba gidanki: yara huɗu, ɗaya a baya, ga girki, ga shirin makaranta da Islamiyya, ga biki da suna da gaisuwar mutuwa. A cikin mata 100 masu shan ƙwaya yadda mutane suke sha a zahiri, da mantuwarsu da komai, kimanin 7 suna samun ciki a shekarar farko. Ba ƙwayar ce ta gaza ba, katin ne aka bari a kan firij aka tafi Ɗorayi kwana biyu. Shekara uku kuwa ƙwaya fiye da dubu ce. Ina ba da ita ga wadda take son wani abu na riƙon ƙwarya kafin ta yanke shawara, ina kuma ce mata ta ɗaura shan ta da sallar isha'i.

Sai allura, wadda ita ce mata suka fi tambaya a Kano, kuma na san dalili: ba a yanka, ba a buɗe jiki, minti biyu an gama, ba wanda zai gane. Akwai ta wata uku da muke kira Defo, akwai ta wata biyu, akwai kuma Sayana, 'yar ƙarama mai haɗe da allurarta wadda ake yi a ƙarƙashin fatar cinya ko ciki, har ana koya wa mace ta riƙa yi wa kanta a gida duk wata uku. Ba ta taɓa nono, kuma tana da wani amfani da ya shafe ki: bayan 'yan watannin farko na rikicewa, jini yana raguwa, kusan rabin masu yin Defo ba sa ganin al'ada sam idan shekara ta zagayo. Ga mai ƙarancin jini wannan riba ce. Masu sikila ma tana karɓar su. Haka mai shan maganin tarin fuka ko wasu magungunan farfaɗiya, waɗanda suke raunana ƙwaya da ashana, allurar wata uku ba ta jin su.

To me ya sa ban ce ki yi ta ba? Dalili biyu. Na farko awon jininki yana bakin iyaka. A 150/95 ana iya yi miki, amma da sa ido. Idan ya kai 160/100 sai a dakatar. Kuma allura ba ta da cirewa, in ta shiga ta shiga, duk abin da ta zo da shi sai an jira ta ƙare da kanta. Na biyu, tana jinkirta dawowar haihuwa. A matsakaici, mai yin Defo tana ɗaukar ciki ne kimanin wata goma bayan allurar ƙarshe, wasu kuma su haura shekara. Ba ta kashe mahaifa, haihuwar tana dawowa, amma na ga tashin hankalin da jinkirin yake kawowa. Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa wurina tana kuka, wata takwas da daina allura shiru, uwar miji ta fara habaici, ita kuma har ta kashe kuɗi wajen masu maganin sanyi. Ba abin da ya same ta, ba a dai gaya mata tun farko ba ne. Bayan wata huɗu ta dawo awo. Ki ƙara da cewa wasu suna ƙara ƙiba kilo ɗaya zuwa biyu a shekara, abin da mai hawan jini ba ta buƙata, kuma shekara uku tana nufin allura goma sha biyu ba fashi. Defo tana ba da rangwamen mako huɗu idan an makara, ta wata biyu mako biyu kawai. Masu wuce wannan su ne suke sa a cikin 100 ake samun kimanin 4 da ciki a shekara.

Robar mahaifa kuma, tsoron da kike ji ya fi ta girma. 'Yar aba ce mai siffar harafin T, tsawonta bai kai ɗan yatsanki ƙarami ba, an naɗe ta da siririyar wayar jan ƙarfe. Ba a tiyata. Ta bakin mahaifa ake shigar da ita, a cikin 'yan mintuna, da ɗan murɗawar mara kamar ta al'ada. Babu sinadarin da yake shiga jini, jan ƙarfen ne yake kashe wa maniyyi ƙarfi kafin ya kai ga ƙwai. Saboda haka in don hawan jini ne kaɗai, ita ce ta fi kowacce dacewa da ke: ba ta taɓa awon jini, ba ta taɓa nono, ba ta sa ƙiba, ba ta rigima da kowane magani. Tana aiki shekara goma har zuwa sha biyu, kuma ko bayan shekara biyu kika ce a cire, ana jan zarenta ta fito, watan nan ciki zai iya shiga. A cikin mata 100 ba a samun ko ɗaya cikakkiya da ciki a shekara. Ba ta hawa zuwa zuciya ko ƙwaƙwalwa, babu hanyar da za ta bi. Abin da yake faruwa da gaske shi ne takan zamo ta fito, musamman a watannin farko, sannan kimanin sau ɗaya a cikin dubu takan huda bangon mahaifa lokacin sakawa, shi ya sa ake neman ƙwararren hannu. Zaren kuma ana datse shi; in maigida ya ce yana jin sa, a koma a ƙara ragewa.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Kuɗin da robar jan ƙarfe take karɓa jini ne. Tana ƙara yawan al'ada da tsawonta da ciwon mara, musamman wata uku zuwa shida na farko. Mace mai kwana huɗu marar yawa za ta ɗauka ba ta ji ba. Ke mai kwana bakwai, wadda aka ɗaura wa leda biyu wata biyar da suka wuce, ban ga dalilin da zan buɗe miki wata ƙofar zubar jini ba. Ba haramun ba ce a kanki a ƙa'ida, ra'ayina ne cewa yanzu ba lokacinta ba ne. Wadda nake wa sha'awarta ita ce mai hawan jini sosai, ko wadda ta ce ita ta gama sai dai abin da Allah Ya yi, ko wadda ba ta son komai ya taɓa mata lissafin al'ada. Ba a kuma saka ta ga mai ciwon sanyi mai fitar da ruwa mai wari da ciwon mara sai an warke, ko mai ƙari da ya karkatar da cikin mahaifa, ko mai zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba.

Akwai ƙanwarta da ya kamata ki tambaya: robar mahaifa mai sinadari, wadda maimakon jan ƙarfe take sakin ɗan furojestin a cikin mahaifar. Ita akasin yayarta ce, rage jini take yi sosai, har likitocin mata suna saka ta don maganin yawan al'ada kawai, kuma tana kai shekara biyar ko fiye. Ba ko'ina ake samun ta ba. Idan kin je babban wuri kamar Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano aka ce akwai, kuma zuciyarki ta natsu da roba, to ta yi kafaɗa da kafaɗa da ashana a wurinki, wataƙila ma ta ɗara.

Yanzu mu zo kan ashanar. Sunan da mata suka ba ta ya dace, don kamar tsinken ashana take, santimita huɗu a tsawo, mai laushi tana lanƙwasuwa. Imfilanon tsinke ɗaya ne, shekara uku. Jadel tsinke biyu ne, shekara biyar. Furojestin kaɗai take saki, kaɗan-kaɗan kullum, yana hana sakin ƙwai yana kuma kaurara majinar bakin mahaifa. Babu istirojin, don haka 150/95 bai hana ta ba, ko ya haura haka ma ana iya sakawa. Nono ba ya raguwa. Ana saka wa mace ita tun kafin a sallame ta daga ɗakin haihuwa. Jinin da ake zubarwa a jimlace bai kai na al'ada ba, don haka ba za ta ƙara miki ƙarancin jini ba. Ba mantuwa, ba ranar komawa allura, kuma a cikin mata dubu kimanin ɗaya ce take samun ciki a shekara, babu hanyar da ta fi ta a wannan. Ranar da kika ce a cire, cikin kwanaki sinadarin ya bar jiki. Kin ce shekara uku, ga abu na shekara uku.

Yadda ake yi: za ki kwanta ki ɗaga hannun da ba ki cika aiki da shi ba, a goge cikin damtse, a yi 'yar allurar kashe zafi, ita ce ma abin da za ki ji. Sai a zura tsinken a ƙarƙashin fata, sama da gwiwar hannu da kamar faɗin tafi. Ba ɗinki. Kafin ki tashi, ki sa yatsa ki taɓa shi da kanki, ki ji bakinsa biyu. Wannan kada ki ji kunyar nema, haƙƙinki ne. Za a naɗe da bandeji na kwana ɗaya zuwa biyu, filasta ta ƙara 'yan kwanaki, ki kiyaye wurin daga ruwa. Ɗan kumburi da taruwar jini na mako guda ba komai ba ne. Ja mai zafi da ruwa ko mugunya shi ne abin komawa. Bayan haka ki yi dakanki da wankinki da jan guga, ba ya karyewa don aiki. Ki adana katin da aka rubuta ranar sakawa da ranar cirewa a inda kike ajiye katin rigakafin yara.

Maganar ɓata a jiki tana da ɗan tushe, ba zan ce miki ƙarya ce tsagwaronta ba. Tsinken da aka saka daidai, dab da fata, yana nan inda aka bar shi. Wanda ake nema a rasa kusan kullum wanda aka nutsa da zurfi ne cikin tsoka tun ranar farko, ko mai shi ta yi ƙiba sosai ya ɓuya. Tafiya mai nisa ta cikin jijiya ta taɓa faruwa a duniya, amma abu ne mai wuyar gaske, kuma shi ma daga zurfin sakawa yake. Imfilanon na yanzu yana fitowa a hoton ƙashi, don haka in an lalube ba a ji ba, hoto ake yi a gano wurin, ba a yanka a shiga lalube. Maganin duk wannan shi ne wanda aka horar ya saka miki, a asibiti ko cibiyar lafiya ta unguwa mai ɗakin tazara, ba a bayan kantin magani ba.

Sai babbar maganar, jini da salla, wadda ita ce take sa mata su dawo su ce a cire, ba ciwo ba, ba komai ba. Gaskiya ashana tana rikita al'ada, kuma ba wanda zai iya gaya miki tun yau ɓangaren da za ki faɗa. A masu Imfilanon, kimanin ɗaya cikin biyar ba sa ganin jini gaba ɗaya, ɗaya cikin uku suna gani jefi-jefi, kusan ɗaya cikin huɗu kuma su ne masu shan wahala: ɗigo-ɗigo mai tsawo, ko ya ɗauke ya dawo, ya ɗauke ya dawo. Wata ukun farko suna nuna alama. Wadda ta fara da sauƙi galibi haka take ci gaba, wadda ta fara da rikici kuma kusan rabinsu suna samun sauƙi daga baya. Rashin zuwan jinin ba taruwa yake yi a ciki ba. Al'ada shimfiɗar cikin mahaifa ce take saɓulewa duk wata. Sinadarin yana hana shimfiɗar yin kauri, sai ya zama babu abin zubarwa. Ɗigon ma daga nan yake, shimfiɗar ta yi siriri har ƙananan jijiyoyinta suna tsattsafa.

Na taɓa ganin wata da ta yi kwana ashirin da wani abu ba ta kai goshinta ƙasa ba saboda ɗan abin da take gani a ƙyalle, ta zo ranta a ɓace tana cewa mun raba ta da Ubangijinta. Ba ashana ce ta hana ta salla ba, rashin sanin hukunci ne. A mazhabarmu ta Malikiyya haila ba ta wuce kwana goma sha biyar. Mai al'ada sananniya, in jini ya zarce, tana ƙara kwana uku a kan mafi tsawon al'adarta, muddin ba ta haura sha biyar ba; abin da ya biyo baya jinin ciwo ne, ta yi wanka, ta yi salla, ta yi azumi, ta je wa mijinta. Ke mai kwana bakwai, lissafinki goma ke nan. In kuma yana yankewa yana dawowa, kwanakin jinin ake tattarawa, ranar da ya ɗauke a yi wanka a yi salla. Ni ungozoma ce ba malama ba, don haka ga abin da nake ba da shawara: ki samu kalanda ki riƙa sa alama a duk ranar da kika ga jini, babban maki ga mai yawa, ƙarami ga ɗigo. Ki kai wa malamar Islamiyyarku ta warware miki hukuncin, ki kawo mana ita mu ma mu karanta. Takarda ɗaya, aiki biyu.

Idan ɗigon ya dame ki akwai magani, amma a nan akwai tarko da ya shafe ki ke musamman. Abin da aka saba ba mai ashana don tsayar da jini shi ne ko dai ƙwayar nan mai istirojin na mako uku, ko maganin ciwon jiki dangin ibufurofen na kwana biyar. Na farkon shi ne wanda na hana ki a sama. Na biyun shi ma yana iya ɗaga awon jini. Don haka duk wanda zai rubuta miki wani abu, ki fara ce masa "ina da hawan jini" kafin ya ɗauki biro, kuma kada ki aiki yaro kemis a ce a ba da maganin tsayar da jini. In kin yi haƙurin wata shida abin bai daidaita ba, ko ya hana ki sukuni kafin nan, ki je a cire a sauya miki. Ba wanda yake da ikon ce miki sai shekara uku ta cika. Jinin da yake jiƙa ƙunzugu duk awa, ko mai gudaji, ko mai haɗe da jiri da bugun zuciya, ko ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, wannan ba na jira ba ne, ranar za a je asibiti.

Kuma in wata rana aka ɗora ki a kan maganin tarin fuka, ko na farfaɗiya, ko wani daga magungunan ƙanjamau, ki faɗa cewa kina da ashana a hannu, don wasunsu suna cinye ƙarfinta, mace ta samu ciki tsinke yana damtse.

Abu ɗaya ya rage, kuma ya fi zaɓin tazarar nauyi a raina. Hawan jinin ciki ya kamata ya sauka cikin mako goma sha biyu bayan haihuwa. Naki yana 150/95 a wata na biyar, ke nan wataƙila ya zauna ne, kuma ashana ba maganinsa ba ce, ba ta dai ƙara shi ne kawai. Awo ɗaya a layin rigakafi, da goyo a baya da zafin rana, ba ya yanke hukunci. A sake aunawa sau biyu a ranaku daban, kina zaune kin huta minti biyar. In ya tsaya a nan, likita ya ɗora ki a kan magani. Akwai waɗanda mai shayarwa take sha lafiya lau. In har yanzu ana dama miki kunun kanwa, a dakata, kanwa 'yar'uwar gishiri ce a jijiya, a kuma rage dunƙule a miya. Ciwon kai mai tsanani, dishi-dishin gani, kumburin ƙafa ko haki in kin kwanta, kada a kwana da su a gida.

Ranar da za ki je, ki tafi da katin awonki da takardar sallamar haihuwa in suna nan. Ki nemi a yi miki abu uku kafin a taɓa hannunki: awon hawan jini, gwajin yawan jini, da gwajin ciki na fitsari tunda ba ki ga al'ada ba. In kun sadu da maigida cikin mako biyu zuwa uku da suka wuce, gwajin zai iya nuna babu alhali akwai, don haka a maimaita shi bayan mako uku zuwa huɗu ko da an riga an saka. In ma aka samu cikin, ashana ba ta nakasa shi, cirewa kawai ake yi. Bayan sakawa tana buƙatar kwana bakwai kafin ta kama aiki. Maganar waɗannan kwana bakwai ki gaya wa maigida tun a gida, ko haƙuri ko kwaroron roba, ya zaɓi ɗaya. Ki karɓi maganin ƙarin jini na wata uku, ki sha shi nesa da shayi, sannan ki dawo mini da kalandarki idan jaririya ta kai wata takwas.